Shawarar jarirai: wadda aka saba gani da wadda ke bukatar gaggawa

Shawara ita ce ɗorawar da ke bayyana a fata da farin idon jariri, idan sinadarin bilirubin ya taru a jini saboda hantarsa ba ta gama ƙwari ba.

Wadda aka saba gani tana fitowa a rana ta 2 ko ta 3 bayan haihuwa, ta fara daga fuska, ta wuce cikin makonni biyu. A jariri mai duhun fata, ana duba ido da dasashi da rana, ko a danna goshi da yatsa a ga launin wurin. Gwajin jini ne ke tabbatar da yawanta.

Shanya jariri a hantsi ba magani ba ne. Rana na iya ƙona fatarsa, ta ƙarar da ruwan jikinsa, alhali ciwon na ƙaruwa. A asibiti ana amfani da fitila ta musamman mai shuɗin haske, idan ya tsananta a sauya jini. A ci gaba da ba shi nono sau 8 zuwa 12 a rana, kuma a nisanta kafur daga tufafinsa, domin yana farfasa ƙwayoyin jinin wasu jarirai.

A garzaya asibiti idan shawarar ta fito cikin sa'o'i 24 na farko, ko ta kai tafin hannu da ƙafa, ko ta haura makonni biyu. Haka nan idan jariri ya ƙi mama, barci ya yi masa yawa, yana banƙarewa, ko kashinsa ya yi fari. Jinkiri na iya taɓa ƙwaƙwalwa, ya jawo kurumta ko mutuwa.