Tabon da ba ya ƙaiƙayi: yadda wisin auduga ya shiga tarihin kuturta

Idan aka ce maka "kuturu", na san hoton da ke zuwa ranka: dattijo a bakin kasuwa, yatsu sun dungule, ƙafa ɗaure da tsumma. To wannan ƙarshen ciwon ke nan. Farkonsa, watakila shekara goma ko fiye kafin nan, wani ɗan tabo ne a damtse ko gadon baya, wanda ya fi sauran fata haske kaɗan, ba ciwo, ba ƙaiƙayi. Mai shi ya ce kyasbi ne, ya shafa mai, ya ci gaba da harkokinsa. Ai abin da ba ya ƙaiƙayi ba ya hana barci.

Masu magani sun daɗe da lura cewa fatar mai kuturta tana mutuwa. A Turai, tun a ƙarni na 14, idan aka kawo wanda ake zargi gaban likitoci, cikin abubuwan da suke yi har da tsira masa allura a diddige, a ga ko zai ji. Sai dai wannan gwaji na yanke hukunci ne. Idan bai ji ba, a ware shi daga mutane, shi ke nan, domin babu maganin da za a ba shi. Ka ga kuwa ba mai hankalin da zai kai kansa da wuri a duba masa tabo. Ɓoyewa ita ce dabara, kuma haka abin yake a nan ƙasar Hausa: a rufe da riga har sai ya ƙi rufuwa, sannan mutum ya koma cikin kutare, ƙarƙashin Sarkin Kutare na garinsu.

A ƙarni na 19 kuturta ta yi katutu a yammacin Norway, a tsakanin talakawa masunta da manoma. Likita Daniel Danielssen na birnin Bergen da abokin aikinsa Carl Boeck suka fitar da littafi a 1847 inda suka raba ciwon gida biyu: mai kumburi da ƙuraje, da kuma mai kashe jin fata. Danielssen ya tsaya a kan cewa gado ne, har ya sa wa kansa abin da ya ɗebo daga jikin marasa lafiya, bai kamu ba, ya ce kun gani. Surukinsa Armauer Hansen bai yarda ba. A 1873 ya hango wasu 'yan sanduna a madubin ƙara girma cikin naman da ya ciro daga ƙurajen marasa lafiya, ƙwayar da yau ake kira Mycobacterium leprae. Dalilin da ya sa Danielssen bai kamu ba, yanzu mun sani: kusan mutum 95 cikin 100 jikinsu yana kashe ƙwayar da kansa. Amma ganin ƙwaya bai kawo magani ba. Sai da aka ƙara kusan shekara saba'in ana fama da allurar man calmugura, wani man 'ya'yan itace daga Asiya, mai zafin tsiya kuma mai ƙarancin amfani.

Kafin mu kai ga magani, bari ka ji abin da ke faruwa a cikin tabon nan. Ƙwayar kuturta ba ta da gaggawa. Wasu ƙwayoyin cuta suna rabuwa biyu cikin minti ashirin, ita kuwa sai ta ɗauki kusan mako biyu. Shi ya sa daga kamuwa zuwa bayyanar alama ake yin kimanin shekara biyar, wani lokaci har ashirin. Tana son wuri mai ɗan sanyi, wato fata, da hanci, da kunne, da jijiyoyin ji waɗanda suke kusa da fata. Tana shiga cikin rigar da ta lulluɓe jijiyar ta zauna. Idan sojojin jiki suka zo yaƙarta, wurin ya kumbura, ƙananan jijiyoyin da ke cikin fatar su lalace. Daga nan sai taɓawa ta daina isa ƙwaƙwalwa, haka zafi da sanyi. Gumi ya daina fita a wurin, gashin wurin ma yakan zube. Ƙaiƙayi shi ma ta waɗannan jijiyoyi yake bi, don haka rashinsa, wanda ke kwantar wa mai tabo hankali, shi ne ya kamata ya tayar masa da shi.

Maganar zubewar yatsu kuwa, likita Paul Brand, wanda ya fara aiki a Vellore ta Indiya a ƙarshen shekarun 1940, shi ya nuna cewa ciwon ba ya cinye yatsu yadda ake zato. Hannun da ba ya jin zafi ne ke ɗaukar tukunya daga murhu ba tsumma. Ƙafar da ba ta ji ce ke yini da ƙusa a cikin takalmi. Rauni ya ruɓe, ƙashi ya zaizaye, a warke a sake, har yatsa ya gajarce. Duk wannan yana biyo bayan mutuwar manyan jijiyoyi, ita kuma sau da yawa tabo ne ke riga ta fitowa.

Sauyi ya fara a 1941 a Carville ta Amurka, inda Guy Faget ya gwada wata allura mai suna furomin, aka ga raunuka suna warkewa. Matsalar ita ce allura ce ta jijiya, kusan kullum, ga tsada. Uwar wannan magani, dafson, an haɗa ta tun 1908, amma ana tsoronta saboda a yawan da aka fara gwadawa guba ce. A nan Najeriya ta shigo labarin. A Uzuakoli, cikin jihar Abiya ta yanzu, likita John Lowe ya nuna a ƙarshen shekarun 1940 cewa idan aka rage yawanta ƙwarai, ana iya haɗiyar dafson a matsayin ƙwaya, ta yi aiki, kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba. A wannan wuri dai Stanley Browne ya gwada kulofazimin a farkon shekarun 1960. Wato biyu cikin magunguna ukun da duniya ke amfani da su yau, a ƙasar nan aka tabbatar da aikinsu.

A Arewa, tun a shekarun 1930 akwai matsugunan masu kuturta irin su Yadakunya a Kano, Amanawa a Sakkwato da Babbar Ruga a Katsina. Zuwa can yana nufin barin gona da iyali na shekaru. Da dafson ta samu, a shekarun 1950 aka buɗe wuraren karɓar magani birjik a ƙauyuka: mutum ya zo ranar da aka sa, ya haɗiyi ƙwayarsa, ya koma gida. A ganina wannan ne babban juyi a tarihin ciwon, ya fi ma gano ƙwayar tasiri a rayuwar talaka, domin a karon farko nuna tabo ya fi ɓoye shi riba. Daga baya ƙwayar ta fara jure wa dafson ita kaɗai, sai a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa ta da rifamfisin da kulofazimin. Tun 1995 ake raba wannan haɗi kyauta. Duk da haka, har yanzu ana samun kusan sababbin masu ciwon 200,000 a duniya a kowace shekara, kuma Najeriya tana cikin ƙasashen da ke samun su da dama.

To yaya ake duba tabon? A ce wani tela ne ɗan shekara talatin ya zo da tabo biyu, ɗaya a damtse, ɗaya a baya, sun yi wata takwas, ya shafa maganin makero bai ga canji ba. Ma'aikacin lafiya zai kai shi inda hasken rana yake, ya duba jiki duka, domin tabon cinya ko ɗuwawu mai shi ba ya ganinsa. A baƙar fata tabon yakan yi ja-ja kamar tagulla, ba ya yin fari fat. Sai ya murza wisin auduga ya yi tsini, ya taɓa lafiyayyar fata yana kallo, ya ce masa ya nuna wurin da yatsa. Idan ya gane wasan, sai ya rufe ido. A taɓa lafiyayyar fata, a taɓa tsakiyar tabo, a cakuɗa. Tela ya nuna ko'ina daidai, amma da aka taɓa tabon ya yi shiru yana jira. Wannan shirun kaɗai ya isa a ce kuturta ce. Daga nan sai a laluba jijiyar bayan gwiwar hannu, wadda idan ka buge ta kake jin tartsatsi har ƙaramin yatsa, da ta gefen gwiwa, a ji ko sun yi kauri ko suna ciwo. A gwada tafin hannu da na ƙafa da bakin biro. Inda da hali, a ɗan tsaga fatar kunne a duba ruwan a madubi.

Lissafin magani daga nan yake fitowa. Tabo ɗaya zuwa biyar, wata shida. Fiye da biyar, ko jijiya ta taɓu, ko an ga ƙwayar a madubi, wata goma sha biyu. Telanmu wata shida zai yi, yana ɗinkinsa, yana cin abinci da iyalinsa, don da zarar an fara shan magani yaɗuwa take tsayawa. Fitsarinsa zai yi ja ranar da ya sha rifamfisin, fatarsa za ta ƙara duhu saboda kulofazimin, duka biyun kuma suna wucewa. Mutanen gidansa ma a duba su, domin ta numfashi da daɗewar zama tare ake ɗauka. Gaisawa da hannu ba ta sa wa.

Gwajin auduga yana da iyaka. Tabon fuska yakan ci gaba da ji saboda jijiyoyin fuska suna da yawa. Nau'in ciwon mai ɗimbin ƙwayoyi ma, wanda ya fi yaɗuwa, tabbansa kan yi yawa, su yi dishi-dishi, kuma da farko suna ji. Saboda haka idan ka gwada a gida ka ji taɓawa, ba a wanke ka ba tukuna. Kyasbi yana da ɗan gari-gari idan an kankare shi, makero yana ƙaiƙayi da zobe a gefe, farin tabon da ke yin fat kamar madara yana ji sarai. Abin da ya wuce waɗannan, ya yi watanni bai tafi ba, na ma'aikacin lafiya ne. Kada a yi masa tsaga ko a ƙona shi da magani mai zafi, kada kuma a bi shi da man bilicin, don duk suna ɓata kamannin da ake dubawa.

Abin da ya sa ake gaggawa a ciwon da ba ya gaggawa shi ne, magungunan nan uku ƙwaya suke kashewa, ba sa tayar da jijiyar da ta mutu. Idan rauni ko mutuwar ji a hannu ko ƙafa bai wuce wata shida ba, akan ba da firednisolon na wasu watanni a ƙarƙashin kulawa, kuma sau da yawa jijiyar takan farfaɗo. Bayan wata shida damar tana raguwa sosai. Ko ana cikin shan magani, idan tabo ya kumbura ya yi ja, ko gwiwar hannu ta fara zogi, ko ƙaramin yatsa ya fara kasa riƙe allura, ko ido ya ƙi rufuwa sosai, a ranar ake komawa asibiti, kuma ba a dakatar da ƙwayoyin.