Iyakar Aikin Sababin Sauka a Tafsiri: Nazarin Ayar Safa da Marwa

Tsakure

Wannan maƙala ta bi ruwayoyin da suka zo a kan dalilin saukar aya ta 158 ta Suratul Baƙara, ta gwada su da abin da aka ruwaito a kan aya ta 198 ta wannan sura. Abin da binciken ya gano shi ne, sababin sauka yana bayyana tambayar da aya ta zo amsawa, yana kuma toshe fahimtar da zahirin lafazi zai iya jawowa, amma ba shi yake yanke matsayin hukunci ba.

Gabatarwa da bitar magabata

Malamai sun daɗe da keɓe wa wannan fanni littattafai. Alwahidi (rasuwa 468 bayan Hijira) ya rubuta Asbabun Nuzuli, Suyuɗi (rasuwa 911) ya biyo da Lubabun Nuƙuli. Shaɗibi a Muwafaƙatu ya ɗauki sanin sababi a matsayin wajibi ga mai neman fahimtar Alƙur'ani. Ibnu Taimiyya kuma ya ja kunne cewa idan magabata suka ce aya ta sauka a kan kaza, wani lokaci sababi suke nufi, wani lokaci kuwa suna nufin abin ya shiga cikin ma'anar ayar ne kawai. Ba ni da ja da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Inda nake da ja shi ne da Andrew Rippin. A maƙalarsa ta 1988 a kan aikin sabubban sauka a tafsiri, ya tafi a kan cewa babban amfanin waɗannan ruwayoyi shi ne ba aya labarin da za ta zauna a ciki, ba fitar da hukuncin fiƙihu ba. Maganar tana da gefen gaskiya, domin ruwayoyi da yawa ba su ƙara wa hukunci komai ba, kuma tun kafin shi Shah Waliyyullah Addahlawi (rasuwa 1176) ya yi ƙorafin yawan labaran da masu tafsiri suke rataya wa ayoyi ba tare da bukata ba. Sai dai wanda ya kasa aikin sababi gida biyu kawai, ko labari ko hukunci, ya bar wani aiki na uku a waje. Sababi yana iya hana a ciro wani hukunci daga aya ba tare da shi kansa ya kafa wani ba. Wannan aiki na fiƙihu ne tsantsa, kuma wanda yake neman hukuncin da sababi ya haifa kaɗai ba zai gan shi ba. Irin wannan kuskure, ta ɗaya fuskar, shi ne na mai wa'azin da yake kawo sababi sannan ya ɗauka magana ta ƙare.

Hanyar bincike

An tattara ruwayoyin ayoyin biyu daga Muwaɗɗa ta Imamu Malik, da Sahihul Bukhari, da Sahihu Muslim, da tafsirin Ɗabari, aka jera su bisa wanda suka tuƙe gare shi, sannan aka duba abin da mazhabobi suka gina a kansu.

Ayar sa'ayi da gyaran Nana A'isha

Ayar ta faɗi abu biyu. Ta ce Safa da Marwa suna cikin alamomin addinin Allah, ta kuma ɗauke laifi daga mai Hajji ko Umara idan ya kewaya tsakaninsu. Urwatu bn Zubair, ɗan Asma'u 'yar Abubakar, ya karanta haka ya fahimci abin da duk mai jin Larabci zai fara fahimta: idan an ce babu laifi ga wanda ya yi, to wanda ya bari ma babu laifi a kansa. Ya kai wannan fahimta wurin innarsa, Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda. A ruwayar Muwaɗɗa shi da kansa ya ce a lokacin yana da ƙuruciya.

Amsarta hawa biyu ce, kuma bai kamata a cakuɗa su ba. Hawa na farko na harshe ne: da abin da yake nufi ake nufi, da ayar ta ɗauke laifi ne daga wanda bai kewaya ba. Hawa na biyu shi ne sababin. Ta ce ayar ta sauka a kan Ansaru, waɗanda kafin Musulunci suke ɗaura harama saboda gunkin Manata da ke Mushallal, wajen Ƙudaid, kuma duk wanda ya ɗaura harama dominta yana ganin laifi ne ya yi sa'ayi tsakanin duwatsun biyu. Da suka musulunta sai suka tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, aka saukar da ayar.

Da wannan bayani ma'anar ta koma mazauninta. Ɗauke laifin amsa ce ga mutanen da suke tsoron aikin, ba sanarwa ce ga dukan al'umma cewa aikin na ganin dama ne ba. Malamai suna misalta shi da mutumin da sallar Azahar ta kuɓuce masa har rana ta kusa faɗuwa, yana zaton ba ya halatta ya rama ta a wannan lokaci, sai aka ce masa babu laifi ya yi ta yanzu. Ba wanda zai ce wannan amsa ta mayar da Azahar nafila.

Akwai abin da ake yawan tsallakewa a ƙarshen hadisin. Nana A'isha ba ta ce sababin ne ya wajabta sa'ayi ba. Bayan ta gama ba da labarin Ansaru sai ta koma ga wata hujja dabam, ta ce Manzon Allah ya sunnanta kewayen, don haka babu mai ikon barinsa. Wato ta rushe fahimtar Urwatu da sababi, ta gina hukunci da Sunna.

Gwaji da aya ta 198

Wannan shi ne abin da na fi ba nauyi a binciken. Ayoyi arba'in bayan ayar sa'ayi, irin wannan salo na ɗauke laifi ya sake zuwa, wannan karo a kan neman falalar Ubangiji a lokacin Hajji. Bukhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa Ukazu da Majanna da Zul Majazi kasuwanni ne na zamanin jahiliyya, da Musulunci ya zo sai mutane suka ji tsoron laifi idan suka yi ciniki a lokutan aikin Hajji, sai ayar ta sauka.

A jera ayoyin biyu. Salon ɗaya ne. Siffar sababin ma ɗaya ce: wani abu da yake da alaƙa da jahiliyya, Musulmi suka yi ɗari-ɗari da shi, wahayi ya kawar da ɗari-ɗarin. Da sababi ne yake yanke matsayin hukunci, da dole ayyukan biyu su tashi da hukunci ɗaya. Amma ba haka aka yi ba. Ciniki a Hajji halal ne kawai, ba wanda ya ce alhajin da bai sayi komai ba Hajjinsa ya tawaya. Sa'ayi kuwa rukuni ne a wurin Malik da Shafi'i, haka ma a shahararriyar ruwaya daga Ahmad, Hajji ba ya cika sai da shi, kuma yanka ba ya maye gurbinsa. A wurin Abu Hanifa wajibi ne da ake gyara barinsa da yanka.

To daga ina bambancin ya fito? Daga wajen sababin. Ayar sa'ayi ta fara da sanya duwatsun biyu cikin alamomin addini, ayar ciniki ba ta yi wa kasuwa haka ba. Manzon Allah ya yi sa'ayi a Hajjin bankwana, ya fara da Safa saboda ita aka fara ambata a ayar, kamar yadda ya zo a dogon hadisin Jabir cikin Sahihu Muslim, kuma ya umarci mutane su koyi ayyukan Hajjinsu daga gare shi. Saɓanin Hanafiyya da sauran mazhabobi ma ba a kan sababin yake ba. Duka sun san hadisin Nana A'isha. Sun rabu ne a kan ko waɗannan hujjoji na waje sun kai ƙarfin kafa rukuni, ko sun tsaya a wajibi.

Nan ne nake ganin ra'ayin Rippin ya gaza. A cire sababin daga ayar sa'ayi, a ga abin da zai faru: zahirin aya zai tsaya yana karo da aikin Annabi, mai cewa sa'ayi nafila ne ya sami nassin Alƙur'ani a hannunsa. Kuma an sami masu faɗin haka, domin an jingina wannan ra'ayi ga wasu magabata, har Jalalaini, wanda ake karantawa a majalisun tafsirin azumi a ƙasar Hausa, ya kawo shi daga Ibnu Abbas kafin ya kawo na Shafi'i. Sababin ne ya ƙwace wannan hujja, ya bar filin ga Sunna. Ruwayar da ta yi wannan aiki ba za a kira ta adon labari ba.

Saɓanin ruwayoyi

Ruwayoyin ba bakinsu ɗaya ba. Zuhri ya kai labarin Nana A'isha ga Abubakar bn Abdurrahman, ɗaya daga fuƙaha'un Madina, shi kuma ya ce ya ji wasu ma'abota ilimi suna cewa akwai mutanen da suke sa'ayi tun a jahiliyya, da Alƙur'ani ya ambaci ɗawafin Ɗaki bai ambaci Safa da Marwa ba sai suka yi shakka. Ya ga cewa ayar ta sauka a kan ɓangarorin biyu. Anas ya ce suna ɗaukar sa'ayi cikin al'amuran jahiliyya. Sha'abi kuma, a wurin Ɗabari, ya ambaci gumaka biyu, Isafu a kan Safa da Na'ila a kan Marwa, kuma labarin gumakan da ke kan duwatsun shi Jalalaini ya zaɓa. Har a Sahihu Muslim akwai ruwayar da ta sa Isafu da Na'ila a bakin teku a gurbin Manata, wadda Alƙali Iyal ya ce kuskure ne. Duk da haka, ko wace aka ɗauka, mutane ne suke jin tsoron laifi a cikin aikin, don haka abin da aka gina a sama bai girgiza ba.

Iyakokin bincike

Za a iya cewa ayoyi biyu ba su isa a kafa ƙa'ida a kansu ba, kuma haka ne. Salon ɗauke laifi ya zo a wasu wurare, kamar ayar ƙasaru a Suratun Nisa'i, aya ta 101, wadda ba a shigar da ita nan ba saboda sharaɗin tsoro da ke cikinta yana bukatar nazari na kansa. Ba a kuma tattauna ƙira'ar shazza da aka jingina wa Ibnu Mas'ud, wadda ta zo daidai da fahimtar Urwatu, ba, domin ta saɓa wa Mus'hafin Usman kuma jumhuru ba su kafa hujja da ita a nan ba. Sannan ruwayoyin da aka yi aiki da su mafi yawansu ingantattu ne, alhali kaso mai yawa na abin da ke cikin littafin Alwahidi bai kai wannan daraja ba, don haka sakamakon ba zai hau kan kowace ruwayar sababi ba sai an fara tantance isnadinta.