Haske mai yawa ba tare da rana ba

Haske mai yawa ba tare da rana ba shi ne hasken da ke cika ɗaki ba tare da rana ta bugi ganyen shuka kai tsaye ba. Irinsa ne shuke-shuken ado masu ganye suke buƙata, kamar Epipremnum aureum, mai yaɗo da ganye kore mai ratsin rawaya. Ana samun sa ta hanyar zaɓen taga da kuma tazarar tukunya daga tagar.

Alƙiblar taga

Garin Kunci a arewacin Jihar Kano yana wajen digiri 12.5 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Saboda haka daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta ranar tsaka tana karkata arewa, sauran watannin shekara kuma tana karkata kudu. Ƙa'idar littattafan Turai, cewa ranar tsaka ba ta shiga tagar arewa, ba ta aiki a nan.

Tagar gabas ta fi dacewa, domin hantsi kaɗai take samu, kuma ana iya ajiye tukunya tsakanin rabin mita da mita 1 daga gare ta. Tagar yamma ta fi haɗari, musamman da bazara, saboda ranar la'asar tana shiga can cikin ɗaki da zafinta.

Lissafin tazara

A tagar kudu wadda samanta yake mita 2 daga daɓe, ranar tsaka ta watan Disamba tana tsayawa wajen digiri 54 sama da ƙasa, don haka haskenta yana kaiwa kusan mita 1.5 cikin ɗaki. Tukunyar da aka ajiye a ƙasa cikin wannan tazara za ta sha rana. Matsar da ita baya yakan jefa ta cikin duhu idan tagar ƙarama ce, irin ta ɗakunan ƙasa. Abin da ya fi shi ne a rataya labule marar kauri, a bar tukunyar kusa. A tagar arewa mai tsawo ɗaya, ranar tsaka ta watan Yuni tana wajen digiri 79, kuma ba ta wuce santimita 40, shi ya sa rabin mita ya wadatar.

Gwaji da alamomi

Ana gwada wuri da ɗaga hannu saman ganye a lokacin da ɗakin ya fi haske. Inuwa mai kaifin baki tana nuna rana kai tsaye, inuwa mai dishi-dishi ita ake nema, rashin inuwa kuwa duhu ne.

Idan rana ta yi yawa, ganyen da ke fuskantar taga yana koɗewa, ya yi busassun tabo masu launin ƙasa. Idan haske ya gaza, ratsin rawaya yana ɓacewa, sabon ganye ya fito ƙarami, tazarar da ke tsakanin ganye da ganye ta ƙaru. Da hunturu ƙura tana rufe ganye ta tare haske, don haka ake goge shi da jiƙaƙƙen tsumma.