Ka'idar isar da ƙarfin lantarki mafi yawa

Ka'idar isar da ƙarfin lantarki mafi yawa wata ka'ida ce a fannin injiniyancin lantarki wadda take cewa tushen lantarki yana ba lodi ƙarfi mafi yawa ne a lokacin da turjiyar lodin ta yi daidai da turjiyar da ke cikin tushen kansa. A wannan yanayi rabin ƙarfin da tushen yake samarwa ne kawai yake isa ga lodin, sauran rabin kuwa yana zama zafi a cikin tushen. Ana kuma kiran ta dokar Jacobi, saboda Moritz von Jacobi (1801–1874), masani haifaffen Jamus da ya yi aiki a birnin Saint Petersburg na ƙasar Rasha, wanda ya bayyana ta a wajajen shekarar 1840.

## Ma'anar kalmomi

Tushe shi ne duk abin da yake ba da lantarki, kamar batir ko janareta ko eriyar rediyo. Lodi kuma shi ne abin da yake cin lantarkin, kamar ƙwan fitila ko lasifika. Turjiya, wadda wasu suke kira juriya, ita ce yadda abu yake hana lantarki wucewa ta cikinsa, kuma ana auna ta da om (Ω). Ana auna matsin lantarki da bolt (V), kwararar lantarki da amfiya (A), ƙarfi kuma da wat (W).

Babu tushen da ba shi da turjiya a cikinsa. A batir, tana fitowa daga sinadaran da ke ciki da kuma ƙarafan da aka haɗa shi da su. A janareta, tana fitowa daga wayar jan ƙarfen da aka naɗa. Saboda haka ake ɗaukar tushe a matsayin abubuwa biyu da aka jera: matsi tsayayye V, da turjiyar ciki Rs. Wannan tsari shi ne ake kira ka'idar Thévenin, wadda Hermann von Helmholtz ya fara bayyanawa a 1853, sannan Léon Charles Thévenin ya sake gano ta a 1883.

## Dalilin da ya sa daidaito yake ba da ƙarfi mafi yawa

Ƙarfin da lodi yake samu shi ne matsin da ke bakinsa sau kwararar da ke bi ta cikinsa. Idan turjiyar lodi ta yi ƙanƙanta ƙwarai, kwarara tana yawa, amma kusan duk matsin yana ƙarewa a cikin tushen, sai lodin ya tashi da ɗan kaɗan. Idan kuma turjiyar lodi ta yi girma ƙwarai, lodin yana samun kusan duk matsin, amma kwararar ta zama ba ta taka kara ta karya ba. A waɗannan ɓangarori biyu ƙarfin yana kusantar sifili, don haka ƙololuwarsa tana wani wuri a tsakani.

Idan aka kira turjiyar lodi RL, dokar Ohm tana ba da kwarara da ƙarfi kamar haka:

I = V / (Rs + RL)

P = I² × RL = V² × RL / (Rs + RL)²

Ana iya gano inda ƙololuwar take da aljabra kawai. Da yake (Rs + RL)² daidai yake da (Rs − RL)² + 4 × Rs × RL, ana iya sake rubuta ƙarfin:

P = V² / [ (Rs − RL)² / RL + 4 × Rs ]

V da Rs ba sa canzawa, tunda na tushen ne. Abin da mai zaɓen lodi yake da iko a kai shi ne kashin farko na ƙasan lissafin, kuma wannan kashi ba ya taɓa yin ƙasa da sifili. Yana zama sifili ne kawai idan RL = Rs. A nan ne ƙasan lissafin ya fi ƙanƙanta, ƙarfin kuma ya kai iyakarsa:

P = V² / (4 × Rs)

## Misali

A ɗauki tushe mai matsin bolt 12 da turjiyar ciki ta om 2. Teburin da ke ƙasa yana nuna abin da yake faruwa idan aka jona masa lodi daban-daban.

| Turjiyar lodi (Ω) | Kwarara (A) | Ƙarfi a lodi (W) | Asara a tushe (W) | Inganci |
|---|---|---|---|---|
| 0 | 6 | 0 | 72 | 0% |
| 1 | 4 | 16 | 32 | 33% |
| 2 | 3 | 18 | 18 | 50% |
| 4 | 2 | 16 | 8 | 67% |
| 10 | 1 | 10 | 2 | 83% |
| 22 | 0.5 | 5.5 | 0.5 | 92% |

Da lodin om 2, jimillar turjiya om 4 ce, kwarara kuma amfiya 3. Lodin yana samun 3 × 3 × 2, wato wat 18, kuma babu wani lodi da zai iya tatsar fiye da haka daga wannan tushe.

Teburin yana kuma nuna cewa ƙololuwar tana da faɗi. Lodin om 1 da na om 4 duk suna samun wat 16, wanda ya gaza iyakar da wat 2 kacal. Sai dai ba ɗaya suke ba ta fuskar asara: da om 1 tushen yana ƙona wat 32 a cikinsa, da om 4 kuwa wat 8 kawai yake ƙonawa. Shi ya sa idan ba a sami lodin da ya yi daidai ba, ya fi kyau a zaɓi wanda turjiyarsa ta ɗara ta tushen a kan wanda ya gaza ta.

## Dalilin da ya sa inganci yake tsayawa a rabi

Inganci shi ne kason da ya isa ga lodi daga cikin duk ƙarfin da tushe ya samar. Turjiyar ciki da turjiyar lodi a jere suke, don haka kwarara ɗaya ce take bi ta cikinsu duka biyun. Kowace tana cin ƙarfi gwargwadon girmanta, saboda haka:

η = RL / (RL + Rs)

Idan RL = Rs, sakamakon shi ne ɗaya bisa biyu. Turjiyoyi biyu masu girma ɗaya, waɗanda kwarara ɗaya take ratsawa, dole ne su raba ƙarfin daidai wa daida. A misalin da ya gabata, tushen yana samar da 12 × 3, wato wat 36. Wat 18 suna zuwa ga lodi, wat 18 suna ɗumama tushen.

Inganci ba shi da ƙololuwa a wurin daidaito. Yana ci gaba da hawa muddin turjiyar lodi tana ƙaruwa, ƙarfin da ake samu kuma yana sauka. Neman ƙarfi mafi yawa da neman inganci mafi yawa manufofi biyu ne da ba a cim musu a lokaci guda.

## Kuskuren da aka saba yi

Ka'idar tana magana ne a kan zaɓen lodi idan tushe ya riga ya tsaya yadda yake. Ba ta ce a ƙara wa tushe turjiya don ya yi daidai da lodi ba. Idan lodin ne tsayayye, kuma ana da ikon sauya tushen, abin da ya fi shi ne a rage turjiyar ciki iya yadda za a iya. Idan lodin om 2 na misalin nan ya sami tushen bolt 12 mai turjiyar om 0.5, kwarara za ta zama amfiya 4.8, ƙarfin lodin ya haura zuwa kimanin wat 46, inganci kuma ya kai kashi 80 cikin ɗari.

Wannan ruɗani ya shafi tarihin injinan lantarki. A ƙarni na 19 an daɗe ana ɗaukar cewa janareta mai kyau ita ce wadda turjiyar cikinta ta yi daidai da ta lodinta, abin da ya sa ake ganin rabin ƙarfin dole ne ya salwanta. A wajajen 1880 Thomas Edison da abokin aikinsa Francis Upton suka ƙera janareta mai ƙaramar turjiyar ciki, suka nuna cewa ana iya zarce rabi da nisa.

## Yadda ake gane an kai daidaito

Alamar daidaito ita ce matsin da ke bakin lodi ya sauka zuwa rabin matsin da tushe yake nunawa idan ba a jona masa komai ba. A misalin da ke sama, mita za ta nuna bolt 12 ba tare da lodi ba, sannan ta nuna bolt 6 da lodin om 2.

Ba sai an kai ga rabin ba kafin a san turjiyar ciki. Ana auna matsi V babu lodi, a jona lodin da aka san turjiyarsa, a sake auna matsi VL, sannan a yi lissafi:

Rs = RL × (V − VL) / VL

Da lodin om 10, mita za ta nuna bolt 10, don haka Rs = 10 × 2 / 10, wato om 2. Wannan hanya ta fi aminci, domin gwada daidaito kai tsaye a kan babban tushe yana da haɗari. Batirin mota na bolt 12 mai turjiyar ciki ta om 0.01, idan aka jona masa lodin da ya yi daidai da shi, zai tura amfiya 600 kuma ya ƙona wat 3,600 a cikinsa, zafin da zai iya lalata batirin ko ya tada gobara.

## Inda ake amfani da ita

Ana neman daidaito a inda ƙarfin da ake da shi ɗan kaɗan ne kuma asararsa ba ta da tsada. Eriyar da take kama siginar rediyo tana samar da ƙarfin da bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na wat ba, kuma abin da ake buƙata shi ne mafi yawansa ya shiga na'urar karɓa. Na'urorin sadarwa na rediyo galibi an tsara su a kan om 50, na talabijin kuma a kan om 75. Daidaito a nan yana da wani amfanin, wato hana sigina komawa baya a cikin waya.

Kamfanonin wutar lantarki kuwa suna guje wa daidaito, domin rabin man fetur ko iskar gas da aka ƙona zai tafi a banza, kuma matsin da ke isa gidaje zai faɗi zuwa rabi. Suna tsara janareta da taransifoma da layukan wuta ta yadda turjiyarsu za ta yi ƙasa sosai da ta lodi. Haka ma amfilifayar sauti ta zamani: turjiyar fitarta ƙasa take ƙwarai da om 4 ko om 8 na lasifika.

## Iyakokin ka'idar

A lantarki mai sauya alkibla, irin na soket ɗin gida da na rediyo, daidaita turjiya kaɗai bai isa ba. Idan tushe yana da halin naɗaɗɗiyar waya, dole lodi ya kasance da halin kafasita na daidai wannan girma, domin su soke juna.

Ka'idar tana aiki ne ga tushen da turjiyar cikinsa ba ta canzawa da yawan kwarara. Farantin sola ba haka yake ba, don haka wurin da yake ba da ƙarfi mafi yawa ba a rabin matsinsa yake ba. Yawanci yana kusa da kashi 80 cikin ɗari na matsin da yake nunawa babu lodi, kuma yana motsawa da hasken rana da zafi.

Haka kuma adadin kashi 50 cikin ɗari ya tabbata ne ga matsi guda da turjiya guda a jere. Idan tushen da'ira ce mai rassa da yawa wadda aka taƙaita da ka'idar Thévenin, ƙarfin da lodi yake samu yana nan yadda lissafi ya nuna, amma asarar da ke faruwa a cikin da'irar ta ainihi tana iya bambanta da wadda taƙaitaccen tsarin ya nuna.