Robar PLA Mai Ruɓewa

PLA wata roba ce da ake yi daga sitacin masara ko sukarin rake, ana sarrafa ta zuwa kofuna da cokula da mazubin abinci. Masu sayarwa kan rubuta a jikinta cewa tana ruɓewa ta zama taki. Maganar gaskiya ce, amma da sharaɗi.

Kafin ƙananan halittu su iya cin PLA, sai ruwa ya fara karya ƙwayoyin ginin robar, wannan kuma ba ya sauri sai zafi ya kai kusan digiri 58 a ma'aunin Selsiyos, tare da danshi da iska. Irin wannan yanayi a masana'antar haɗa taki ake samunsa, inda ake juya tulin shara ana auna zafinsa. Ƙa'idar Turai mai suna EN 13432 ta ce cikin mako 12 robar ta farfashe, har abin da zai tsaya a rariya mai ramin milimita 2 kada ya wuce kashi 10 cikin 100. Cikin wata 6 kuma kashi 90 ya ruɓe.

Jujin gida ba kasafai yake riƙe wannan zafi ba. A cikin ƙasa ko a teku, kofin PLA kan yi shekaru da siffarsa.

Akwai kuma leda da ake sa wa sinadari don ta ruguje a rana. Wannan ba ruɓewa ba ce, marmashewa ce zuwa ƙananan ɓarɓashi, shi ya sa Tarayyar Turai ta haramta ta daga 2021.