Fuskar da Ba a Karkata Kai Kafin a Karanta: Tarihin Kaomoji

A ranar 19 ga Satumba 1982, Scott Fahlman, masanin kwamfuta a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, ya ba abokan aikinsa shawarar su riƙa sanya `:-)` a kan saƙon raha, don kada a ɗauki wasa a matsayin magana ta gaske. Dabarar ta karɓu, sai dai fuskar a kwance take. Dole mai karatu ya karkata kansa hagu kafin ya ga idanu biyu da hanci da baki.

Shekara huɗu bayan haka, a 1986, wata fuskar ta ɓullo a kafar sadarwar kwamfuta ta ASCII NET a ƙasar Japan, ita kuwa a tsaye take: `(^_^)`. Galibi ana danganta ta da wani mai amfani da kafar, Yasushi Wakabayashi. Japanawa suka kira irin waɗannan fuskoki kaomoji, daga "kao", wato fuska, da "moji", wato harafi. Sun girmi shahararren jerin emoji 176 da Shigetaka Kurita ya zana wa kamfanin NTT DoCoMo a 1999. Emoji hoto ne, kaomoji kuwa da haruffa zalla ake gina shi.

Wanda zai karanta kaomoji, da idanu zai fara. Baka biyu na gefe su ne kewayen fuska, layin tsakiya shi ne baki, kuma sau da yawa ba ya motsi ko kaɗan. A duba waɗannan uku:

```
(^_^)   (T_T)   (>_<)
```

Bakin ɗaya ne, amma ta farko murmushi take yi, domin idanun sun lanƙwashe sama kamar na mai fara'a. Ta biyu kuka take, ƙafar kowane `T` hawaye ne da ke gangarowa. Ta uku ta runtse ido saboda zafi ko takaici. A tsarin Fahlman akasin haka ne: idanu ba su sauyawa, baki ne ke raba `:-)` da `:-(`. Binciken da Masaki Yuki da abokan aikinsa suka wallafa a 2007 ya nuna cewa Japanawa sun fi dogara da ido wajen gane halin fuska, Amurkawa kuma sun fi dogara da baki.

Bayan idanu, sai a duba abin da aka ƙara a gefe, kuma a nan ne baƙo ya fi yin tuntuɓe. A ɗauka ma'aikaci ya tambayi abokin hulɗarsa na Tokyo ko rahoto zai kammala ranar Juma'a, amsa ta zo cewa za a yi ƙoƙari, a ƙarshenta kuma ga `(^_^;)`. Wanda ya saba da `;-)` zai zaci ƙyafta ido ne na raha. Alhali alamar `;` a nan gumi ne da ke tsattsafowa a gefen fuska, salon da aka sani a zanen barkwancin Japan. Murmushin na jin nauyi ne, kuma ma'anar saƙon ita ce da wuya aikin ya kammala. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: idanun biyu sun riga sun cika, don haka alama ta uku ba ido ba ce. Haka ma `m(_ _)m`: haruffan `m` hannaye ne a dafe da ƙasa, kai ya sunkuya, ana neman afuwa ko ana godiya mai zurfi.

Abin da ya ba Japanawa damar faɗaɗa wannan fasaha shi ne yalwar haruffan kwamfutocinsu. Tsarin haruffa na ƙasar, wanda aka fara fitarwa a 1978, ya ƙunshi har da na Girkanci da na Rashanci. Masu hira a dandalin 2channel, wanda Hiroyuki Nishimura ya kafa a 1999, sun mayar da `ω` ta Girkanci bakin dabba mai ban tausayi, `Д` ta Rashanci kuma baki a hangame don mamaki ko fushi.

Wannan yalwa tana da nata cikas. Idan na'urar mai karɓa ba ta da harafin da aka aiko, sai ya ga akwati fanko a inda ido ya kamata ya kasance. Fitacciyar fuskar nan mai ɗaga kafaɗa, `¯\_(ツ)_/¯`, wadda idanunta da bakinta harafin Japananci ɗaya ne mai sautin "tsu", takan rasa hannu guda a manhajojin da ke amfani da tsarin Markdown, domin suna ɗaukar `\` a matsayin umarni su ɓoye shi. Duk wanda ya gan ta da guntun hannu, to ba mai aikowa ne ya yi kuskuren zane ba, manhaja ce ta haɗiye alamar.