PACS

PACS (suna, fannin likitanci, ana furta shi faks). Rumbun kwamfuta da asibiti ke adana hotunan jikin majinyata a ciki, domin likita ya buɗe su daga kowane sashe ba tare da neman fim ba. Hotunan suna zuwa ne a tsarin DICOM, wanda aka fitar da shi da wannan suna a 1993. Kowane fayil yana ɗauke da hoton haɗe da sunan majinyaci, lambarsa da ranar ɗauka.

Kafin na'urar CT ta aika hoto, sai an saka mata sunan rumbun, wato AE Title, da adireshin IP da lambar mashiga, galibi 104 ko 11112. Ana gwada layin da C-ECHO, a aika da C-STORE. In harafi ɗaya na sunan ya kauce, rumbun na iya ƙin karɓa, hoton ya maƙale a na'ura. Abin da ya fi wannan muni shi ne kuskuren lambar majinyaci: hoton ya isa lafiya, amma yana ƙarƙashin sunan wani. Shi ya sa ake ɗauko sunaye daga jerin aiki na rajista maimakon bugawa da hannu. Ana kuma ajiye kwafi na biyu a wani ginin daban.

Misali: "Malama, duba PACS ko hoton ƙirjin Baba ya shigo."